"Put off" ɗin nan, ɗagewa ce ko sanyin gwiwa?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Ina ɗinka jakunkunan fata. Wata baturiya mai shago a Landan ta nemi in aika mata samfur guda huɗu, na aika. Ta tambayi tsawon lokacin da zan ɗauka in haɗa mata guda 120, na ce sati shida. Bayan kwana biyu sai ga wannan saƙo: "We loved the samples, but we were put off by the six-week delivery time." Ni abin da na sani tun muna sakandare shi ne "put off" ɗagewa ne. Sai na ɗauka cewa take yi an ɗage cinikin zuwa sati shida, har na je na ba mai fata kuɗin kafin alƙalami. Yau sati uku ke nan shiru. Jiya ƙanina ya karanta saƙon ya ce ba haka take nufi ba, amma ya kasa yi min bayani. Me matar nan ta ce min ne?

Nura Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Anti. Ƙaninki ya yi gaskiya. Ba ɗagewa ba ce, cewa take yi sati shidan nan ya sanyaya musu gwiwa. Dabarar mai sauƙi ce: duk inda kika ga "by" ya biyo bayan "put off", to ma'anar sanyin gwiwa ce. In babu "by", ɗagewa ce. Haka na haddace shi lokacin da nake shirin JAMB, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Alhaji Tanko:
Hajiya, sati shida ya yi yawa. Ki ƙara masu ɗinki biyu ki sauko da shi zuwa uku. Turawa ba sa son jira. Ni na yi shekaru ina aika kaya waje, na san halinsu.

Maman Ihsan:
Na gode Alhaji, za mu zo kan wannan. Yanzu dai so nake in gane maganar tukuna, don kada in sake faɗawa ramin da na faɗa.

Malam Habu:
Maman Ihsan, sannu da wannan ɗawainiya. Fassarar da Nura ya ba ki daidai ce. Matar cewa ta yi sun ji daɗin samfurin, amma tsawon lokacin ya sa abin ya fita daga ransu. Sai dai ki lura, ba ta ce sun fasa ba. Ta dai gaya miki abin da ya sanyaya su, kuma mai saye idan ya tsaya ya faɗa miki dalili, yawanci amsa yake jira. Shirun sati ukun nan mai yiwuwa ke take jira kamar yadda kike jiranta.

Nura ɗana, amsarka ta fito daidai amma hanyar da ka bi za ta kai ka ta baro wata rana. Ka tuna zaɓen shugaban ƙasa na 2019, wanda INEC ta ɗage daga 16 ga Fabrairu zuwa 23 ga Fabrairu, ana saura sa'o'i kaɗan a buɗe rumfuna. In za ka faɗi wannan da Turanci sai ka ce "The election was put off by one week." Ga "by" ɗinka nan zaune daram, amma zaɓe ba shi da gwiwar da za ta yi sanyi. Haka ma "The meeting was put off by the chairman": shugaba ne ya ɗage taro. Ke nan "by" aiki uku yake yi a wurin nan. Wani lokaci yana nuna tsawon ɗagewar, wani lokaci wanda ya ɗage, wani lokaci kuma abin da ya kashe wa mutum jiki. Ba shi ne alƙali ba.

Abin da za ku fara dubawa shi ne wanda abin ya faɗa wa. A saƙon baturiyar nan, wa aka yi wa "put off"? Ta ce "we were", wato mu, mutane. Ana ɗage mutum ne? A'a. Taro ake ɗagewa, da biki, da zaɓe, da tafiya, da shari'a, duk abin da za a iya sa wa rana a kalanda. Da ɗage cinikin take nufi, da cinikin ne zai zauna a farkon maganar, ta ce "The order was put off", kuma galibi sai ka ji rana ta biyo baya, "until June" ko makamancin haka, domin mai ɗagewa yakan faɗi zuwa yaushe.

Nura Ɗalibi:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Wallahi ban taɓa tunanin "by one week" ba. To in na gane, in abu ne ɗagewa, in mutum ne sanyin gwiwa?

Malam Habu:
Ka riƙe wannan a matsayin matakin farko, zai fitar da kai a mafi yawan lokuta. Amma kada ka rufe littafin, akwai saura.

Bilkisu Mai Fassara:
Malam, bari in kawo wanda ya taɓa ba ni wahala a ɗakin labarai. An kawo min labari in mayar Hausa, minti goma kafin a shiga, a ciki akwai "The committee was put off". Kwamiti mutane ne, amma a bakin 'yan jarida kwamiti yakan zama zaman kwamitin. To mutum ne ko abu? Na riga na rubuta "an ɗage zaman kwamitin", sai idona ya kai ƙarshen layin na ga "by the cost of the project". Nan da nan na soke na rubuta cewa tsadar aikin ta sa 'yan kwamitin sun ja da baya. Da na bar ta farko da na karanta wa jama'a labarin da bai faru ba. Tun daga ranar ba na fassara irin waɗannan kalmomi sai na kai aya. Kuɗin aiki ba ya iya ɗage taro da kansa, ba shi da bakin sanarwa, amma yana iya tsorata mutane. Ke nan a nan abin da ya biyo bayan "by" ne ya raba gardama, ba "by" ɗin kansa ba.

Nura Ɗalibi:
Ashe dai ban yi nisa da gaskiya sosai ba, Anti Bilkisu.

Bilkisu Mai Fassara:
Ba ka yi nisa ba ƙanena. Ka ga ƙofar, ba ka leƙa ciki ba ne kawai.

Maman Ihsan:
Jama'a ga wata sabuwa. Bayan na karanta bayanin Malam sai na tura mata gaisuwa na tambayi inda aka kwana. Yanzun nan ta amsa: "Sorry to keep putting you off, we are still deciding." To yanzu ni ce aka yi wa "put off" ɗin, kuma ni mutum ce. Haƙuri take ba ni don ta sanyaya min gwiwa?

Malam Habu:
Yauwa, wannan ita ce saurar da na ce akwai. A nan cewa take yi, ki yi haƙuri muna ta ja miki rai. Irin je-ka-ka-dawo ɗin nan da wanda ake bi bashi yake yi wa wanda ya zo karɓar kuɗinsa: yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. In kika duba da kyau, ɗagewar nan ce dai ta farko, sai dai maimakon a ambaci amsar da ake ɗagewa, sai aka ambaci mutumin da ke jiranta.

Yadda za ki rarrabe shi ne ki juya ki dubi ɗaya gefen, wato wa ya yi aikin. A saƙon farko, sati shida ne ya yi musu "put off". Lokaci, wari, tsada, ƙazanta, mugun hali, waɗannan ba su da niyya, ba za su ce miki ki dawo gobe ba. Abin da kawai suke iyawa shi ne su fitar miki da abu daga rai. A saƙo na biyu kuwa mutum ne yake yi wa mutum, kuma ga "keep" da ke nuna ana ta maimaitawa, ga kuma "still deciding" da ya faɗi dalilin jinkirin ƙarara. Duka sun taru sun nuna jan rai.

Ki gwada waɗannan biyun a kunnenki. "His manner put me off": halinsa ya sa na ji ba na son hulɗa da shi. "He put me off till Monday": ya ce in dawo Litinin. Kalmomin tsakiyar iri ɗaya ne sak, abin da ke gaba da baya ne ya bambanta.

Nura Ɗalibi:
To Malam in aka ce "He put me off" kawai, babu komai gaba babu komai baya?

Malam Habu:
Sai ka koma jimlar da ta gabata ko ka jira mai zuwa. In babu su, ka tambayi mai maganar. Baturen Ingila ma da aka haifa a cikin harshen, in ka miƙa masa waɗannan kalmomi huɗu a takarda ba zai iya rantsuwa kan ma'ana ɗaya ba.

Zainab Nas:
Baba Malam, akwai ma wata ma'anar, ni da hawayena na koye ta. Watana biyu da fara aiki a wani asibiti a nan Ingila, muna aikin dare ni da wata babbar nas. Tana tsaye gaban kabad ɗin magani tana ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalami, ni kuma ina gefenta ina ta ba ta labarin wani maras lafiya. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hang on, you're putting me off." Jikina ya yi sanyi. Abin da na sani shi ne na wari da ƙyama, sai na ɗauka cewa take yi ina ba ta ƙyama. Na shiga banɗaki na yi kuka, na dawo ban sake yi mata magana ba har asuba. Da safe ita ce ta tsare ni tana tambaya ko lafiya. Da na faɗa mata ta riƙe baki. Ashe cewa take yi in dakata, ina rikita mata lissafi, kada ta ɓata ƙirga. Yanzu kullum ina jin sa: wanda ke tuƙi, wanda zai buga fanareti, yaro mai karatu. Duk wanda hankalinsa ke kan wani aiki a daidai lokacin, in ya ce maka haka, ɗauke masa hankali kake yi.

Bilkisu Mai Fassara:
Allah sarki Zainab. Wannan kuwa babu abin da ke cikin jimlar da zai cece ki, sai ƙwayoyin da ke hannunta.

Zainab Nas:
Haka ne Yaya. Da na dubi hannunta maimakon in saurari zuciyata, da na gane.

Mahamadu Damagaram:
Salamu alaikum. Ni da Faransanci na yi karatu, Turancin Ingilishi yanzu nake koyo don kasuwanci da 'yan Najeriya da Gana. Gaskiya waɗannan haɗaɗɗun kalmomi irin su "put off" da ake kira "phrasal verbs" su ne ciwon kaina. In na ga "abandon" ko "continue" ba ni da matsala, don da su muka tashi a Faransanci. Me ya sa ba za a ce "postpone" a huta ba? Ko kuwa wani ya turo mana jerinsu duka da ma'anoninsu mu haddace?

Malam Habu:
Malam Mahamadu, in kai ne mai rubutu, ka rubuta "postpone" abinka, babu wanda zai ga laifinka, a takardar ofis ma ya fi dacewa. Matsalar ita ce ba kai ke zaɓa wa mutane kalmomin da za su aiko maka ba, kuma masu harshen a hirarsu ta yau da kullum gajerun nan suka fi amfani da su. Jeri kuwa shi ne ya jefa Maman Ihsan cikin wannan hali. An ba ta "put off" a hagu, "postpone" a dama, ta haddace, ta ci jarrabawa, kuma ba ƙarya aka koya mata ba. An dai ba ta ɗaya daga cikin huɗu ne ba a gaya mata akwai saura ba. Ni ma na yi shekaru ina rubuta irin wannan jeri a allo kafin in gane illarsa. In za ka haddace, ka haddace kowace da abokin tafiyarta: "put off the wedding", "the smell put me off", "he keeps putting me off".

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi "ci" a Hausa. Ci abinci, ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci mutunci. Wane Bahaushe ne yake rikicewa? Abin da aka ci shi ke gaya maka wane irin ci ne.

Bilkisu Mai Fassara:
Malam, a gafarce ni, ina ganin "tashi" ya fi kama da abin da muke magana a kai. A "ci amana" kalmar da ke biye tana nan manne kullum, kamar kalma ɗaya suka zama. Amma dubi: yaro ya tashi, kasuwa ta tashi, jirgi ya tashi, farashi ya tashi, bam ya tashi. Kalmar ba ta canja ko kaɗan ba, mai tashin ne ya canja. Kuma "Audu ya tashi" shi kaɗai, daga barci ne, ko ya bar unguwar, ko ya miƙe tsaye? Sai ka ji sauran zancen. Daidai da "He put me off" ɗin Nura.

Malam Habu:
Na karɓa, Bilkisu. Naki ya fi nawa dacewa da gefen mai yin aikin, nawa kuma yana nan a gefen wanda aka yi wa. A haɗa su biyun.

Bari in ƙara abu ɗaya da ido zai iya kamawa a rubuce, tunda Mahamadu yana son abin riƙewa. "I put off going to the dentist": na yi ta ɗage zuwa wurin likitan haƙori. "It put me off going to the dentist": abin ya sa na ji ba na son zuwa sam. Bambancin duka shi ne ɗan "me" ɗin nan da ya shiga tsakani. Haka "I put it off", na ɗage shi, da "That put me off it", wannan ya fitar min da shi daga rai. In mutum ya shiga tsakiya sannan wani abu ya biyo bayan "off", to an raba mutumin da sha'awar abin ne.

Ishaya Kagoro:
Barkanku da hira. Ina ta karantawa ina ƙaruwa. Tunda ana kan wannan, don Allah a taɓa "give up". A wurinmu in aka ce "Baba gave up last night", kowa ya san rasuwa ake nufi. Ɗan wana da ke karatu a waje ya faɗa wa malaminsa haka yana neman izinin zuwa gida, sai malamin ya tambaye shi, ya daina me? Yaron ya rasa abin cewa.

Zainab Nas:
Wannan gaskiya ne Yaya Ishaya. A nan in ka ce maras lafiya "gave up", abin da za su ji shi ne ya karaya, ya daina ƙoƙari, ya ƙi cin abinci ko shan magani. Yana iya kasancewa da ransa. Rasuwa sai dai "died" ko "passed away".

Ishaya Kagoro:
Ni zatona daga "gave up the ghost" muka gutsuro shi. Yana cikin tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta King James ta 1611, wadda da yawanmu muka tashi muna ji a coci, kuma can ma'anarsa sakin rai ne. Mu muka yar da ƙarshen muka riƙe farkon. Af, har "put off" ma yana ciki da wata ma'ana dabam. A Fitowa 3:5, inda aka ce wa Musa ya tuɓe takalmansa, "put off thy shoes" aka rubuta. Yau kuwa "take off" ake cewa.

Malam Habu:
Madalla Ishaya, wannan na takalmi tsohon Turanci ne, in ɗalibi ya gamu da shi a tsohon rubutu ya san tuɓewa ne, amma kada ya rubuta shi yau. Zancen gutsurowar kuma ya yi kama da gaskiya a kunnena.

"Give up" ma da tambayar farko ake kama shi: akwai abin da ya biyo baya ko babu? In babu komai, "He gave up", to ya sallama, ya daina ƙoƙari. Shi ya sa malamin yaron ya yi waccan tambaya. In ɗabi'a ce ta biyo, kamar "He gave up smoking", ya daina. In kuwa abu ne mai daraja da mutum ke riƙe da shi, aiki ko kujera ko lokacin hutunsa, to ya saki ne, sau da yawa don wani ko don wani dalili. "She gave up her seat" a mota, ta tashi ta ba wani wuri. A majalisa kuwa ta sauka daga kujerarta, nan ma sai wurin da ake magana ya gaya maka. In kuma kansa ya bayar, "He gave himself up", ya miƙa kansa ga hukuma.

Nura Ɗalibi:
Malam ni "give in" nake haɗawa da shi. Ba duk sallamawa ba ne?

Malam Habu:
Akwai tazara. Mai "give up" ya bar ƙoƙarinsa, ko da babu kowa a gabansa, kamar wanda lissafi ya gagara ya ajiye biro. Mai "give in" kuwa akwai wanda ke matsa masa, ya gaji ya ba da kai bori ya hau, kamar uwar da yaro ya dama da kuka har ta saya masa alewar.

Alhaji Tanko:
Ni dai tun ina yaro "put off the light" nake ji, kuma shi nake faɗa wa yarana. Yanzu a cikin ma'anonin nan naku wanne ne na kashe wuta?

Bilkisu Mai Fassara:
Alhaji wannan namu ne na gida. Turancin asali "switch off" ne ko "turn off". Editanmu jan biro yake sa wa "put off the light" duk inda ya gan shi.

Zainab Nas:
Yaya Bilkisu ban yarda gaba ɗaya ba. Da kunnena na ji tsofaffin marasa lafiya a nan, turawa haifaffun ƙasar, suna ce min "put the light off". Ba kullum ba, amma ana faɗa.

Bilkisu Mai Fassara:
Ana faɗa a bakin gado dabam, a rubuta a jarida dabam. Ni dai ba zan koya wa ɗalibi shi ba.

Malam Habu:
A ɗakin jarrabawa ni ma "switch off" zan ce yaro ya rubuta, don babu mai maki da zai yi gardama da shi. Ko kuskure ne ko ba kuskure ba, wannan na bar muku ku biyu. Abin da ya shafi zancenmu shi ne ba ya rikita kowa, don fitila ba a ɗage ta, ba ta kuma da rai.

Maman Ihsan:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yanzu zan ba ta amsa. Na rubuta "Please don't give us up, we can work faster." Ya yi?

Malam Habu:
Dakata tukuna 'yata. Akwai ƙaramar kalma da ta faɗi. Abin da kike nufi shi ne kada su fid da rai da ku, wannan kuwa "give up on us" ne. In "on" ya shigo, maganar ta koma yanke tsammani: likita da maras lafiya, malami da ɗalibi, mai saye da mai kaya. "Give us up" babu "on" ya fi karkata ga a rabu da mutum ko a miƙa shi ga wasu, kamar wanda ya tona inda ɓarawo ya ɓuya. Za ta gane ki, amma zai yi mata nauyi a kunne.

Ni ma da zan ba ki shawara, ki bar roƙon. Ta riga ta gaya miki ciwon, sati shida ne. Ki ba ta lamba.

Alhaji Tanko:
Abin da na faɗa tun farko ke nan. Ki ce za ki aika 60 a sati uku, sauran 60 bayan sati uku.

Bilkisu Mai Fassara:
Shawarar Alhaji ta yi. Amma Maman Ihsan, kada ki ƙara sa kuɗi a fata tukuna. Ni a yadda na san rubutun mutanen nan, "still deciding" bayan sati uku sau da yawa hanyar ladabi ce ta zamewa. Ba na son ki sake shiga wani jiran.

Malam Habu:
Ni ban karanta shi haka ba. Wanda ya gama yanke shawarar tafiya ba kasafai yake ba da haƙurin jan rai ba, shiru yake yi ko ya ce sun samu wani. Amma kalmomin ba su isa su tabbatar da nawa ko naki ba, Bilkisu, iyakar abin da suka ce shi ne ba a yanke ba.

Maman Ihsan:
Na tura. Na ce mata zan iya aika 60 cikin sati uku, ragowar bayan wasu ukun, kuma na roƙe ta ta ba ni amsa kafin Juma'a ko e ko a'a. Na kira mai fata na ce ya yanka min rabi kawai, ya riƙe sauran kuɗin a wurinsa har in ji daga gare ta. Malam, in amsar ta zo zan kawo ta nan gaba ɗayanta, ba layi ɗaya ba, mu karanta tare.